Yadda Inna Ta Auna Lungu da Sandarta

Inna, mahaifiyar maigidana, ba ta taɓa yabon gidanmu na Tudun Wadar Zariya ba har ta koma ga Allah. Akurki take ce masa. In baƙi sun zo daga ƙauye sai ta tarye su da, "Sannunku da zuwa akurkinmu, ku sunkuya kada ku fasa ƙwai." Abin dariyar shi ne ita ta zaɓi gidan da bakinta, ba wanda ya tilasta mata.

Mu mutanen Gubuchi ne. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba maigidana, wanda nake kira Malam, ya sami aikin malamin awo a wani kamfanin auduga a Zariya. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin Inna, mahaifinsa kuwa ya rasu, don haka ba maganar a bar ta a ƙauye. Ita ma ta faɗa a fili cewa za ta bi mu, amma ba za ta shiga gidan da ba ta gani da idonta ba. Shi ya sa da aka gama girbi muka hau motar kaya mu uku, da curin mazarƙwaila a ƙunshe na tsaraba, muka tafi ganin gidaje.

Akwai abin da muka tafi da shi wanda ba mai ambatawa. Ina da ƙaramin ciki, kuma shi ne na biyu. Na farko a gidanmu na Gazara na je haihuwarsa, kamar yadda ake yi, cikin damina. Naƙuda ta yi tsawo har ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka ciro ƙyauren ɗaki aka kwantar da ni a kai, maza huɗu suka ɗauka za su kai ni bakin hanyar mota. Inna ta zo dubiya a ranar, ita ce ta riƙe hannuna tana tafe a gefen ƙyauren cikin taɓo. Mun isa bakin hanya, amma mota ba ta zo ba. Yaron ya zo bai yi kuka ba.

Tun daga ranar maganar ba ta sake fitowa daga bakin kowa ba. Inna tana da jinin Fulani, kunyarta ninki biyu ce, ko sunan Malam ba ta faɗa don ɗan fari ne, sai dai ta ce "wannan". Shi kuma Malam da ya ce "matata tana da ciki" a gaban uwarsa gara ƙasa ta tsage ya shige. Ni kuwa ai ba a ma maganata. Tsoro ne fal cikina, dare da rana, amma in an tambaye ni sai in ce lafiya lau.

A cikin birni muka sauka, gidan wata tsohuwa da muke kira Gwaggo. Mijinta, kafin ya rasu, shi ne yake saukar da surukina in ya kawo mazarƙwaila kasuwar Zariya, ya sayar masa ya cire ladansa. Zumuncin ya wuce na ciniki tun tuni. Gidan yana can ciki, bayan kasuwa, wajen marina. Mota ta ajiye mu a babbar hanya, muka ɗauki kaya a ka muka shiga lungu. Wannan lungun ya miƙa mu ga wancan, wancan ya karya hagu, ya sake karyawa dama, ya bi gefen wani kududdufi, wato ramin da aka haƙi ƙasar gini ruwa ya taru a ciki. Katangu ne ja a kowane gefe, dogaye, ba taga ko ɗaya. A wani wurin muka yi kiciɓis da jaki ɗauke da mangala, sai da muka koma baya muka raɓe a ƙofar wani gida ya wuce. Na ce a raina, in aka sake ni a nan ni kaɗai, sai dai a yi cigiyata.

Amma da muka shiga gidan, wayyo. Zaure biyu za ka wuce kafin ka ga tsakar gida, masu sanyi kamar randa. Ciki kuwa fili ne shararre, da bishiyar lemun tsami, da rijiya, da turken awaki, da rumbu. Ɗakunan soraye ne masu rufin azara, da rana tsaka ka shiga sai ka nemi mayafi. Ta bayan gida akwai ƙaramar ƙofa da mata ke bi su shiga makwabta ba tare da sun fita waje ba. Kafin mu sha ruwa mata biyar sun ɓullo ta nan sun zo gaishe mu, kowacce da ɗan kwanonta. Can gaba, duk a cikin ganuwa, har gonaki ne, an cire dawa an bar kara. Inna ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta sauke ajiyar zuciya, na ga fuskarta ta saki irin sakin da ban gani ba tun rasuwar mijinta.

Gwaggo ta nuna mana wani sashe, ɗaki uku da madafa, na wani ɗanta da ya koma Kano. Malam ya durƙusa ya tambayi abin da za a riƙa biya.

"Biya?" in ji Gwaggo. "Kai yaro, ka ji kunya. A nan ba a haya, aro ake bayarwa. Ka yi wa rufi yaɓe kafin ruwa ya sauka, ka gyara indararo, ka je ka gaida mai unguwa ya san da zamanka. In kaka ta yi ka tuna da tsohuwa da ɗan dami. Shi ke nan."

"To in mutum ya so ya saya fa, Gwaggo, nan gaba?"

Ta yi dariya har da tari. "Ka saya a hannun wa? Gidan nan na gado ne. Masu rabo a cikinsa, in suka taru, zauren nan ba zai ɗauke su ba. Zauna dai, ba mai tashinka muddin ina numfashi."

Washegari Malam ya kai mu ganin ɗaya gidan. Ya fara yi mana zancen Sabon Gari, can hayin rafi kusa da tashar jirgi, Inna ta ce ta ji labarin kiɗan da ake kwana yi a can, kada ma ya ɓata bakinsa. Unguwar Turawa kuwa, inda manyan ma'aikata suka fara gadon gidaje masu furanni, wannan ko a mafarki albashinsa bai kai can ba. Saura Tudun Wada, da an fita Ƙofar Doka.

Ni dai da na ga Tudun Wada sai na ga kamar an zana ta da zare. Layi ya miƙe sar, wani layin ya ratsa shi, kowane gida da lambarsa a jikin ƙofa, kowane fili daidai da na kusa da shi, don masu safiyo ne suka auna suka kafa turaku kafin a yi gini. Hanya tana da faɗi, mota biyu sa wuce juna, da kwata a gefe. Ga turakun lantarki, ga famfo a kan kwana mata da yara sun jera bokitai. Maigidan wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mutumin Kudan. Gidan nasa dogo ne, ɗakuna suna kallon ɗakuna, rufin kwano, 'yan haya gida huɗu, madafa ɗaya, makewayi ɗaya. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne tsakar gidan, wadda ya malale da siminti daga bango zuwa bango.

Malam ya zama ɗan talla. Ya kai Inna bakin famfo ya murɗa.

"Inna, kin gani? Ba guga, ba igiya."

"Na gani. Na kuma ga layin. Ruwan da sai ka yi faɗa da matan mutane kafin ka sha."

"A cikin birni ai famfon yana can bakin kasuwa, sai an sayi na 'yan ga-ruwa."

"Rijiyar Gwaggo ta ƙafe ne?"

Ya shiga ɗaki ya taɓa wani abu a bango, ƙwan lantarki ya kama. Inna ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa kai loma hanci don duhu ba. Ta taɓa bango ta ji zafi. Ta leƙa makewayi ta fito tana yamutsa fuska. Ta tambayi zaure, aka nuna mata wani ɗan soro da bai fi a ajiye keke ba, ta ce to baƙinmu na Gubuchi in sun zo a kan keken za su kwana ke nan. Ta tambayi inda za ta ɗaure awakinta, Alhaji ya yi murmushi ya ce duba-gari ba ya wasa a nan, kuma simintinsa ma ba zai so ba. Da aka zo kan kuɗin haya, wanda ake biya duk ƙarshen wata, ban da na wuta, sai Inna ta sa salati. Kuɗin zai cinye babban kaso na albashin Malam, a kan ɗaki biyu. Ga shi komai saye ne, itace saye, kuka saye, har tokar yin sabulu sai ka roƙa.

Duk wannan surutu na famfo da ƙwan lantarki, ni na san ba shi ne a ran Malam ba. Ina kallonsa, yana magana yana satar kallon ƙarshen layi, inda rufin babban asibiti yake hange. Sau ɗaya kawai ya kusa faɗa. Ya ce, "Kuma Inna, nan kusa ne da... da komai." Ya haɗiye sauran. Na ji kamar in maƙure shi, na kuma ji tausayinsa, don ni ma da aka juyo aka tambaye ni wanne na fi so, cewa na yi duk wanda Inna ta zaɓa. Gaskiyar magana ma gidan Gwaggo ya shiga raina. Wace mace ce za ta ga matan nan biyar da kwanoninsu ta zaɓi zama da baƙin da ba ta san asalinsu ba?

Muka komo birni da la'asar, kowa ya san an gama magana. Malam yana gaba, kansa a ƙasa. Ni ina tsakiya. Da muka bar babbar hanya muka shiga lungu sai na ji ƙarar sandar Inna ta ɗauke. Na waiwaya. Ta daina dogarawa, ta riƙe sandar a kwance da hannu biyu a gaban cikinta, tana tafe a hankali. Sandar gora ce doguwa, ta mijinta. A lungun farko ta wuce da sauran wuri. A na biyu bakinta ɗaya ya fara kartar bango. Da muka zo kwanar da muka haɗu da jaki jiya, sandar ta cije, nan bango, nan bango. Inna ta tsaya. Ta karkata ta, ta sake gwadawa, ta ƙi. Sai ta sunkuya ta duba gindin katangar, inda wani baƙin zane ya bi ta a kwance daidai gwiwa, ta shafa shi da yatsa.

"Inna, lafiya?" na tambaya.

"Wuce mu tafi. Ina ruwanki da tsohuwa da sandarta."

Bayan mun ci tuwo ta tambayi Gwaggo zanen nan na jikin bango.

"A'a, wannan ai ruwa ne," in ji Gwaggo. "In damina ta yi nisa kududdufi kan cika ya shigo lungu. Ba ya daɗewa, wuni ɗaya ko biyu ya janye. Mu dai mukan zauna a gida."

"Mota fa, ina take tsayawa?"

"Inda ta ajiye ku. Mota me za ta shigo yi nan?"

Inna ta gyaɗa kai ta shiga wani zancen. Ni kuwa a nan na gane abin da ta auna. Tsawon sandar nan bai wuce faɗin ƙyaure da mutum a kowane gefe ba.

Da safe Malam ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya fara cewa to zai je wurin mai unguwa.

"Wane mai unguwa?" in ji Inna. "Je ka ka kama akurkin nan na Alhaji kafin wani ya riga ka."

Malam ya ɗago kai, baki buɗe.

"Me kake kallona? Gwiwoyina ne. Ba zan iya jan guga ba, na tsufa. Famfo nake so."

Matar da ko jiya da safe sai da ta ƙwace guga a hannun jikar Gwaggo ta cika randa biyu! Gwaggo ta dube ta, ta dubi cikina, ta dubi ƙasa. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Haka ne, Yaya, gwiwa ba ta da tabbas. Allah Ya raba lafiya." Nan ne kawai aka kusa ambatar abin, kuma kowa ya yi kamar bai ji ba.

Zaman Tudun Wada bai yi wa Inna daɗi ba, ba zan yi ƙarya ba. An sayar da awakinta, ta yi kwana biyu ba ta cin abinci sosai. Da bazara kwano ya riƙa gasa mu, takan fito ta zauna a inuwar bango tana fifita, tana zagin wanda ya ƙirƙiro siminti. Makwabtanmu mutanen kirki ne, akwai matar wani ma'aikacin jirgi, Banufiya, akwai matar wani malamin makaranta daga kudancin Zariya, amma kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, ba ƙofar baya, ba tsohuwar da za ta zauna su yi kaɗi tare suna gulmar duniya. Baƙin Gubuchi kuwa ba su fasa zuwa ba, masu asibiti da masu shari'a da masu sayayya, Malam ya sha kwana a soron keke ya bar musu ɗaki. Wata ba ya kaiwa ƙarshe sai da dabara, da dawar da ake aiko mana daga gida.

Naƙuda ta zo mini da hantsi, a tsakiyar damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba. Malam yana wurin aiki. Na daure, na daure, har na kasa. Inna ta dube ni sau ɗaya, ta yafa mayafi ta fita cikin ruwan ba ko sanda. Ashe tun watanni ta gama shirinta. Akwai wani mai a-kori-kura, ƙaramar motar ɗaukar kaya, a layin bayanmu, ta daɗe tana aika wa matarsa mazarƙwaila da daddawa, ni ina cewa neman ƙawa take yi. Ba a jima ba na ji ƙarar mota a ƙofar gida, a ƙofar gida sosai, har hayaƙinta yana shigowa soro. Banufiyar ta kama ni ta nan, matar malamin ta kama ta can. Ruwa yana gudu a kwata, hanya kuwa a buɗe.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Yarinyar ba ta kwanta daidai ba, sai da likita ya sa hannu. Amma ta zo, kuma ta tsala kuka, kukan da har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Aka ce Inna tana zaune a baranda jiƙe sharkaf, da aka gaya mata sai ta juya fuska bango, wai ruwan sama ne ya shige mata ido.

Sai ga wata matsala da ba wanda ya tuna da ita ranar ganin gida. An ba Inna mabiya a cikin kwano ta kawo gida. A wurinmu wanke ta ake yi, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne, nan ne mutum zai riƙa cewa an binne cibiyarsa. Inna ta tsaya a tsakar gida da kwano a hannu, ta duba gabas siminti, ta duba yamma siminti. Matar malamin ce ta ba ni labari, tana yi tana share hawayen dariya. Wai Inna ta ajiye kwanon, ta ɗauko taɓarya, ta nufi kusurwar bayan ɗakinmu. Ta ɗaga ke nan sai ga Alhaji ya shigo duba ko rufi yana yoyo.

"Subhanallahi! Inna, me simintina ya yi miki?"

"Alhaji, taka cibiyar a ina aka binne ta?"

Ya dubi kwanon. "A Kudan, bayan ɗakin tsohuwata."

"To wannan baiwar Allah fa? A kwata zan zuba?"

Wai Alhaji ya tsaya yana kallon simintin nan kamar za a yanka masa ɗa. Can ya cire babbar rigarsa ya rataye, ya aika aka aro diga, ya ce taɓarya za ta tsaga masa har tsakiya, gara ya yi da hannunsa. Ya fasa daidai faɗin faifai. Bai sake toshe wurin ba, daga baya Inna ta dasa zogale a gefen, muka ci ganyensa shekara da shekaru.

Itacen wankan jego daga Gubuchi aka aiko da shi a mota, don na Tudun Wada tsadarsa sai ta sa mai jego ta yi wanka da ruwan sanyi. Inna ce take yi mini wankan. Wata safiya tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, ni kuma ina cije baki, na yi ƙarfin hali, tunda ba ma kallon juna.

"Inna, yaya gwiwoyin?"

Ta fyaɗa mini ganyen da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

"Na bi ƙyaure sau ɗaya," ta ce. "Ba na sake bin wani."

Na sunkuyar da kai na bar tururi ya rufe mini fuska. Ina son matar nan, kuma ban taɓa gaya mata ba, don ba a faɗa.

Da na yi arba'in muka je birni kai wa Gwaggo jaririya. Inna ce ta goya ta. Muka bi lungunan nan, an yi kwanaki ba ruwa amma gindin katanga da sauran danshi, sabon zane ya hau bisa tsohon. Matan makwabta suka ɓullo ta ƙofar baya da kwanoninsu, aka karɓi yarinya ana juyawa hannu zuwa hannu. Inna ta zauna ƙarƙashin lemun tsamin ta miƙe ƙafafu. Wani ɗan akuya ya zo yana shinshina zanenta, ta riƙa sosa masa tsakanin ƙaho, ta daɗe tana yi. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ba ta motsa ba, ni kuma ban yi mata maganar tafiya ba. Gwaggo ta ce sashen nan fa har yanzu ba kowa a ciki.

Inna ta dubi sorayen, ta dubi rijiyar. Sannan ta miƙa hannu aka ba ta jikarta, ta saɓa ta a baya ta ɗaure zane tamau, ta ɗauki sandarta.

"Tashi, 'yar nan," ta ce da ni. "Mu koma akurkinmu. Wannan jikar ai ba ita ce ta ƙarshe ba."